ROC Zalla Ko Jerin Ƙarfin Tafiya: Wanne Ya Dace Wajen Tace Hannayen Jari Masu Yawa?

Wanda ya tasa farashin kamfanoni hamsin ko sittin a gaba, yana son ya san waɗanne ne suka fi ƙarfi a kasuwa, ba zai iya bin zanen farashin kowanne da ido ya gano ba. Dole ya samo lamba ɗaya da zai auna su duka da ita, sannan ya jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Lambobin da ake amfani da su wajen auna ƙarfin tafiyar farashi 'yan gida ɗaya ne, amma suna ba da jeri daban-daban a kan farashi guda, kuma wanda ya zo na ɗaya a wata hanya yana iya zama kurar baya a wata. Za mu gwada su a kan yanayin Kasuwar Hannun Jari ta Nijeriya da ke Legas, wato NGX, domin a can ne raunin kowace hanya ya fi fitowa fili.

Kafin nan, a raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Ma'aunin RSI da J. Welles Wilder ya fitar a 1978 yana gwada hannun jari ne da kansa: yawan hawan da ya yi a kwanakin baya da yawan saukar da ya yi. Ba ya cewa komai game da wanda ya fi wani. Abin da muke magana a kai shi ne gwada kamfani da sauran kamfanoni.

Ma'aunin farko da ya kamata a ajiye a gefe

A wasu manhajojin zane, abin da aka sa wa suna Momentum bambancin farashi ne kawai: farashin yau a cire na kwanakin baya. Yana da amfani a kan zanen kamfani ɗaya, amma ba ya jerantuwa. Hannun jarin naira 400 da ya ƙaru da naira 130 zai danne na naira 20 da ya ƙaru da naira 13, alhali na biyun ya ninka shi riba. A manhajar MetaTrader kuwa, Momentum yana raba farashin yau da na baya ne ya ninka da 100, shi ya sa layinsa yake kewaya 100 maimakon sifiri. Don haka a duba lissafin da ke ƙarƙashin sunan kafin a yarda da lambar.

ROC, wato ma'aunin yawan canjin farashi, shi ne ya gyara wannan matsala, domin yana ba da canjin a kaso cikin ɗari:

```
ROC = (farashin yau / farashin baya - 1) * 100
```

Da shi ake iya ɗora hannun jarin kobo hamsin da na naira dubu a kan sikeli ɗaya. Daga nan ne zaɓin gaske yake farawa, kuma hanyoyi uku ne suka cancanci a gwada: ROC zalla na wata 12, ROC na wata 12 da aka tsallake watan ƙarshe, da wannan na biyun an raba shi da yawan hawa da saukar farashin.

Kamfanoni biyar, jeri uku

Ga misali na ƙirƙira, an zaɓi alƙaluman ne domin su nuna inda hanyoyin suke rabuwa.

| Kamfani | Wata 12 baya | Wata 1 baya | Yau | Hawa da sauka a shekara |
|---|---|---|---|---|
| A, siminti | 400 | 520 | 530 | 25% |
| B, banki | 40 | 58 | 55 | 30% |
| C, ƙaramin kamfanin inshora | 1.00 | 1.10 | 1.76 | 70% |
| D, mai | 20 | 32 | 33 | 60% |
| E, kayan masarufi | 50 | 48 | 49 | 16% |

A fara da E, domin akwai tarko a cikinsa. A ido ya faɗi daga 50 zuwa 49. Amma a tsakiyar shekara ya ba da kyautar hannun jari ɗaya a kan kowane huɗu. Mai guda huɗu ya koma mai biyar, kasuwa kuma ta rage farashin daidai da haka. Tsohon farashin da ya dace a yi lissafi da shi shi ne 50 sau huɗu a raba biyar, wato 40. Da wannan gyara, E bai faɗi da kashi 2 ba, ya hau ne da kashi 22.5. In ba a gyara ba, kowace hanya cikin ukun za ta jefa shi ƙasan jeri a kan laifin da bai yi ba.

ROC zalla na wata 12 ya ba da wannan jeri: C na ɗaya da 76, D na biyu da 65, B da 37.5, A da 32.5, sai E da 22.5.

Yanzu a duba yadda C ya samu matsayinsa. Wata goma sha ɗaya ya yi yana jan ƙafa daga naira ɗaya zuwa naira ɗaya da kobo goma, sannan a cikin wata guda ya yi tsalle da kashi 60. A NGX farashi ba ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa a rana ɗaya, kuma kwana biyar a jere na buga wannan iyaka sun isa su ba da kusan kashi 61. Wato mako guda na rububi a kan ƙaramin kamfani ya isa ya ɗaga shi sama da kamfanin da ya shekara yana hawa a hankali. ROC zalla ba ya iya bambance su, domin farashi biyu kawai yake gani, na farko da na ƙarshe, bai san hanyar da aka bi a tsakani ba.

Hanya ta biyu tana tsayar da lissafi a farashin wata ɗaya da ya wuce. Jerin sai ya koma haka: D da 60, B da 45, A da 30, E da 20, C ya dawo ƙarshe da 10. B kuwa, da ya ɗan ja baya daga 58 zuwa 55, ya ƙara matsayi maimakon a hukunta shi.

Hanya ta uku tana ɗaukar waɗannan lambobi ta raba kowacce da hawa da saukar kamfanin. B ya samu 45 a raba 30, wato 1.5. E ya samu 1.25, A ya samu 1.2, D ya samu 1.0, C kuma 0.14. D da yake kan gaba ya sauko na huɗu, saboda ribarsa ta zo ne da tangal-tangal ninki biyu na na B. In kuɗinka na saye biyu ne kacal, hanya ta farko za ta ba ka C da D, ta biyu D da B, ta uku B da E.

A Excel ko Google Sheets, in farashin wata 12 da aka gyara yana ginshiƙin B, na wata ɗaya yana C, hawa da saukar kuma yana E a matsayin cikakkiyar lamba kamar 25:

```
F2: =(C2/B2-1)*100
G2: =F2/E2
H2: =RANK(G2,$G$2:$G$61,0)
```

Shi hawa da saukar ana fitar da shi ne daga canjin farashi na mako-mako na shekara guda, a kaso cikin ɗari, da `=STDEV(...)*SQRT(52)`. A kasuwa irin ta Legas canjin mako ya fi na kullum aminci, domin kwanakin da ba a yi ciniki ba suna ɓata lissafin kullum.

Dalilin tsawon lokaci da tsallake wata

Wata 12 da wata 6 ba zaɓin ganin dama ba ne. Narasimhan Jegadeesh da Sheridan Titman, a binciken da suka wallafa a 1993 kan hannayen jarin Amurka daga 1965 zuwa 1989, sun nuna cewa waɗanda suka fi hawa a wata 3 zuwa 12 da suka wuce sukan ci gaba da fin waɗanda suka fi faɗuwa, da tazarar kusan kashi ɗaya a wata. A gefe biyu na wannan tazara kuwa abin juyewa yake. A 1990 Jegadeesh ya nuna cewa wanda ya yi fice a wata guda yakan ja baya a wata mai bi masa, kuma tun 1985 Werner De Bondt da Richard Thaler suka nuna cewa a kan shekara uku zuwa biyar waɗanda suka sha kashi ne suke farfaɗowa. Wannan ne ya sa masu jerantawa suke tsayawa a tsakiya, suna kuma cire watan ƙarshe. Ma'aunin ƙarfin tafiya na kamfanin MSCI, mai haɗa ma'aunan kasuwanni, ma haka yake yi: yana haɗa wata 6 da wata 12, ya tsallake watan ƙarshe, ya raba da hawa da sauka.

Abin da wannan yake nufi ga mai zaɓi shi ne, ROC na kwana 10 ko 14 da manhajoji suke ɗorawa da kansu bai dace da jerantawa ba. An tsara shi ne domin mai kallon zanen kamfani ɗaya. In aka jera kamfanoni sittin da shi, goman farko za su riƙa canzawa kowane mako, kuma yawancinsu waɗanda suka gama tsallensu ne.

Akwai kuma wani ciwo da yake damun kowane ROC, gajere ko dogo, shi ne ficewar tsohon farashi. Ɗauki B: yau 55 ne, farashin tushe 40, ROC 37.5. A ce wata goma sha ɗaya da suka wuce ya riga ya yi tsalle zuwa 50. To wata mai zuwa, ko farashi bai motsa daga 55 ba, tushen zai koma 50, ROC ya sauko zuwa 10. Babu abin da ya faru a kasuwa yau, amma kamfanin zai zame matsayi da yawa. Alamar wannan ita ce ka ga matsayi ya yi babban canji alhali zanen watan nan a kwance yake. Maganinsa shi ne a ɗauki matsakaicin ROC na wata 6 da na wata 12, ko a yi amfani da matsakaicin farashin kwana biyar a kowane ƙarshen lissafin maimakon farashin rana ɗaya.

Inda hanya ta uku take yaudara

A takarda, raba riba da hawa da sauka shi ne mafi hankali, kuma a kasuwa mai yawan ciniki haka ne. A Legas akwai sharaɗi. Kasuwar tana da ƙa'idar mafi ƙarancin adadin da za a yi ciniki da shi kafin farashin da ake bugawa ya motsa, kuma a 2019 an sa shi a guda 100,000. Ga hannun jarin naira biyu, wannan cinikin naira dubu ɗari biyu ne, kowa zai iya. Ga na naira dubu ɗaya kuwa, cinikin naira miliyan ɗari ne. Sakamakon shi ne babban kamfani mai tsada, wanda yawancin hannayensa suna hannun mutum ɗaya ko uwar kamfani, zai iya yin makonni farashinsa na nan daram a allo, ko da ana ƙananan saye da sayarwa a wani farashi daban.

Lissafi zai ɗauki wannan tsayuwa a matsayin kwanciyar hankali. Hawa da saukarsa zai fito ɗan kaɗan, in aka raba da ƙaramar lamba sai makinsa ya kumbura, ya hau saman jeri. Ranar da babban ciniki ya zo kuwa, sai ya faɗi kashi 10 sau biyu ko uku a jere, babu mai saye a layi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a ƙirga kwanakin ciniki da farashi bai canza ba a cikin shekara. In sun kai rabi, lambar hawa da saukar kamfanin ba abin dogaro ba ce. Ko dai a cire shi daga jerin, ko a sa ƙasan da ba a wucewa, misali duk wanda hawa da saukarsa bai kai 15 ba a ɗauka 15 ne.

Saboda haka a ra'ayinmu, tace kamfanonin da za su shiga jerin ya fi zaɓin dabarar lissafi tasiri. A yi amfani da tsakatsakin kuɗin cinikin kullum na wata uku, da `MEDIAN` ba `AVERAGE` ba, domin babban ciniki guda tsakanin manyan masu jari yana iya ɗaga matsakaici ya sa mataccen hannun jari ya yi kama da mai rai. In abin da za ka saya ya wuce kashi ɗaya cikin goma na wannan lamba, fita za ta yi maka wuya. Wanda ba ya son wannan aikin yana iya farawa da kamfanonin ma'aunin NGX 30, wato manyan kamfanoni talatin na kasuwar. Mai bin ƙa'idar Shari'a kuma yana da kamfanonin NGX Lotus Islamic, sai dai jerin gajere ne, kuma jerantawa tana raguwa da amfani in 'yan takara ba su da yawa: zaɓen biyar daga sha biyar bai kai zaɓen goma daga sittin tacewa ba.

Gyaran farashi bai tsaya ga kyautar hannun jari ba. Ranar da aka cire haƙƙin rabon riba, kasuwa tana rage farashi da adadin ribar. Bankin naira 58 da ya raba naira huɗu zai nuna faɗuwar kusan kashi 7 wadda mai hannun jarin bai yi asararta ba. In ba a mayar da ribar cikin lissafi ba, jerin zai riƙa zaluntar kamfanoni masu rabo mai tsoka, musamman a watannin da ake biyan ribar ƙarshen shekara. Sai canjin suna: lokacin da GTBank ya koma kamfanin riƙo a 2021, alamarsa ta tashi daga GUARANTY zuwa GTCO, haka ACCESS ya koma ACCESSCORP a 2022. A wasu rumbunan bayanai tarihin yakan yanke a nan, sai a haɗa tsoho da sabo da hannu.

Abin da jeri ba ya faɗa

Mutane da yawa suna wahalar da kansu wajen raba farashin kowane kamfani da ma'aunin kasuwa baki ɗaya kafin fitar da ROC, ko mayar da farashi dala, ko cire hauhawar farashin kaya, da tunanin jerin zai fi inganci. A hanya ta farko da ta biyu, in tsawon lokaci ɗaya aka auna, ba zai canza ko matsayi ɗaya ba, domin an raba kowa da lamba guda. Amfanin waɗannan gyare-gyare shi ne amsa wata tambaya daban: shin na ɗayan ma ya ci riba ta gaske? A 2023 ma'aunin kasuwar Legas baki ɗaya ya hau da kusan kashi 46, a shekarar da naira ta yi mummunar faɗuwa bayan an sake ta a watan Yuni. Kamfanin da ya hau da kashi 20 a wannan shekara ROC ɗinsa kore ne shar, amma kasuwa ta bar shi a baya nesa.

Haka kuma a shekarar da komai yake zubewa, jeri zai ba ka na ɗaya ko da shi ma ya faɗi da kashi 5. Shi ya sa ake ƙara sharaɗi na biyu a gefe: ba a saye sai ROC ɗin kamfanin ya haura sifiri, ko sai ma'aunin kasuwa yana saman matsakaicinsa na kwana 200.

Lokacin da dukkan hanyoyin uku suke shan kashi tare shi ne juyowar kasuwa bayan dogon faɗuwa. Kent Daniel da Tobias Moskowitz sun nuna cewa a Amurka, daga Maris zuwa Mayun 2009, rukunin da ya fi faɗuwa a baya ya hau da kashi 163, rukunin da ya fi ƙarfi kuwa kashi 8 kawai. Wanda ya sayi masu ƙarfin kawai bai yi asara ba, an dai bar shi a tasha. ROC na wata 12 ne ya fi jinkirin gane irin wannan juyi, na wata 6 ya fi shi saurin waiwaye, kuma wannan dalili ne na biyu na haɗa su.

Kuɗin dillali ne yake yanke hukunci

Duk saye da sayarwa yana ɗauke da kamashon dillali, kuɗin hukumar SEC mai kula da kasuwar, na NGX, na CSCS mai ajiye hannayen jari, harajin hatimi da harajin VAT. A ɗauko takardar shaidar ciniki a haɗa abin da aka cire a shiga da fita. A ce ya kama kashi 4. Mai riƙe da kamfanoni goma da yake canza uku kowane wata yana juya kashi 30 na jarinsa, wato kashi 1.2 a wata, 14.4 a shekara. Wannan ya cinye tazarar da binciken Amurka ya samu tun kafin a fara. In canjin ukun sau ɗaya ne a wata uku, kuɗin ya sauko zuwa 4.8.

Hanyar rage juyi ita ce a bar rata tsakanin ƙofar shiga da ta fita: a saya in kamfani ya shiga goman farko, amma kada a sayar sai ya faɗo ƙasa da na 20. ROC zalla ya fi kowa haddasa juyi, domin masu tsallen wata guda suna shigowa su fice. Hanya ta biyu ta fi shi natsuwa.

Ga mai kamfanoni talatin zuwa sittin da aka tace, wanda yake duba jerinsa sau ɗaya a wata, zaɓinmu shi ne hanya ta biyu, da matsakaicin wata 6 da wata 12. Lissafinta kaɗan ne, kuma ba ta jingina da lambar da tsayayyen farashi zai iya gurɓatawa ba. A koma hanya ta uku in an ga saman jerin ya cika da ƙananan kamfanoni masu tsalle, ko in jarin na wanda ba zai jure faɗuwar kashi 30 a kamfani ɗaya ba ne, amma sai an yi ƙirgar kwanakin tsayuwa tukuna. ROC zalla na wata ɗaya a bar shi a ginshiƙi na gefe a matsayin gargaɗi: in wanda za a saya ya hau fiye da kashi 40 a watan nan, a dakata a ga ko akwai sanarwar kamfani da ta bayyana dalili. A kowace hanya kuma a sa iyakar kamfanoni uku daga fanni ɗaya cikin goma, domin bankuna sukan hau tare su sauka tare.

Wanda zai gwada tsarinsa a kan tarihi kafin ya sa kuɗi, ya tabbata jerin kowace shekara ya ƙunshi kamfanonin da suke kasuwa a lokacin, har da waɗanda suka ɓace daga baya, irin su Skye Bank da Babban Banki ya karɓe lasisinsa a 2018 da Diamond Bank da ya narke cikin Access a 2019. Gwajin da aka yi da kamfanonin da suka rayu zuwa yau kaɗai zai nuna ribar da ba wanda ya samu, kuma a cire kuɗin ciniki a kowane canji, da farashin ranar da ta biyo bayan jerantawa ba na ranar da aka jera ba.